Gida, Keke da Marayu Uku: Yadda Lauyar Kyauta Ta Tsaya wa Wata Uwa a Kano

Mako biyu da fitarta daga takaba wata mata ta zo ofishinmu, da goyo a bayanta da baƙar leda a hannu. Ni ba lauya ba ce. Ina cikin masu aikin sa-kai da aka koya wa karɓar koke da shiryar da mutane inda za su sami taimakon shari'a, a wata ƙungiyar mata a cikin birnin Kano. Ba zan faɗi sunan matar ba, kuma na cike adadin kuɗaɗen da ke cikin lamarin yadda lissafi zai fito sarai. Da na ce ta zazzage ledar a kan tebur, abubuwa huɗu suka fito: katin asibitin marigayi, takardar cinikin fili mai sa hannun mai unguwa, wani ɗan littafin aljihu da gefensa ya sha maiƙo, da wata takarda da aka buga da na'ura, an bar gurbin dangwale a ƙasanta.

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku: namiji ɗan shekara 9, mace 'yar shekara 7, da auta 'yar shekara 3. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa tana raye. Ya bar gida mai ɗaki uku da suke ciki, da keken A-daidaita-sahu da wani yaro yake ja yana kawo balas, da kuɗi a banki. Bayan sadakar arba'in, wan mijin ya zo ya ɗauki manyan yaran biyu da sunan su kwana biyu wajen kakarsu, ba a dawo da su ba. Keken ma ya koma ƙofar gidansa, ya ce ƙanensa ya ba shi kyauta tun yana da rai. Takardar da aka buga ɗin nan shi ya kawo mata, ya ce ta dangwala domin a huta da surutu.

"Malama, ni ba na karatun boko," in ji ta. "Yaya ya ce takardar zaman lafiya ce. Zuciyata ce dai ba ta kwanta ba."

Na karanta mata ita da Hausa, kalma bayan kalma. Takardar tana cewa ta yarda da bakinta ta bar riƙon manyan yaran biyu a hannun baffansu, ta amince keken nasa ne, kuma shi zai kula da rabon marayu har su girma. A madadin haka za a bar ta ta zauna a gidan "muddin ba ta yi aure ba". Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe gidan ma aro za a ba ni."

Ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a kotun shari'ar Musulunci ba dole ne sai da lauya ba. Mutum yana iya zuwa wajen rijistara ya faɗi ƙararsa da baki da Hausa, a rubuta, ya biya kuɗin shigar da ƙara da na sammaci, a sa rana. Dubban mata suna yin haka, kuma inda magada ba su da saɓani, rabon gado ba ya bukatar kowa sai alƙali da masu ƙiyasi. Lauya yana zama wajibi ne a aikace idan an sami jayayya a kan mallakar wani abu, ko ɗaya ɓangaren ya ɗauko nasa lauyan. Wan mijin matar nan yana da lauya. Ita kuwa awara take soyawa a ƙofar gida, ranar da kasuwa ta yi kyau ta ci ribar naira dubu biyu.

Ƙofa ta farko da doka ta tanada wa irinta ita ce Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, tana kuma da ofishi a jihohi. Ma'aunin cancanta a dokar shi ne kada abin da mutum yake samu ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma naira 70,000 a wata tun 2024. Mai soya awara ta shiga wannan ma'auni ba gardama. Sai dai asalin aikin hukumar kare waɗanda ake tuhuma da laifi ne, mutanen da ke tsare a gidan gyaran hali ba su da mai tsaya musu, kuma can yawancin ƙarfinta yake tafiya. Dokar 2011 ta buɗe mata hanyar ba da shawara da taimako a shari'o'in da ba na laifi ba, bayan an duba talaucin mai nema da ƙarfin hujjarsa. Don haka wanda ya je da maganar gado ko riƙo ya sa ran shawara da ƙoƙarin sulhu tukuna, samun lauyan da zai tsaya a kotu kuma ya danganta da yawan shari'o'in da ke hannunsu.

Akwai Ƙungiyar Lauyoyi Mata ta Duniya, wato FIDA, wadda reshenta na Najeriya ya shafe shekaru yana tsaya wa mata da yara kyauta, kuma gado da riƙo suna cikin abin da suka fi gani. Akwai ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, akwai ƙungiyar lauyoyi Musulmi ta MULAN, akwai sashen kare haƙƙin jama'a a ma'aikatar shari'a ta jiha, akwai kuma ofisoshin taimakon shari'a na tsangayoyin koyon lauya a jami'o'i, inda ɗalibai ke karɓar koke a ƙarƙashin malamansu. Hukumar Hisba ma tana zaman sulhu a kan irin wannan, amma sulhu ba hukunci ba ne, wanda ya ƙi ba za a ƙwace abu daga hannunsa da shi ba. Wani abu da nake gaya wa mata masu jin nauyin roƙon babban lauya shi ne, dokar 2011 ta sharɗanta wa mai neman muƙamin Babban Lauyan Najeriya ya nuna ya yi shari'o'in kyauta aƙalla uku a shekarar da ta gabaci nemansa. Aikin kyauta yana cikin sana'arsu, ba bara aka zo yi ba.

Mu mun rubuta mata takardar turawa zuwa wata lauya mai aikin sa-kai da muke hulɗa da ita. Kafin ta tafi na gaya mata abin da nake gaya wa kowa, domin rashin faɗarsa da wuri yana kashe shari'a a tsakiya: kuɗin lauya ne kawai aka yafe. Kuɗin shigar da ƙara, da kai sammaci, da motar shaidu, da masu zuwa yin ƙiyasin gida, da kwafin hukunci, duk suna nan a kanta. Na ce duk abin da ta biya a kotu ta nemi rasit, wanda aka ƙi ba ta rasit a kansa ta kira Barista kafin ta zaro ko sisi.

Abin da Barista ta fara yi

Zaman farko ya ci awa biyu, kuma Barista ba ta yi maganar kotu ba sai can ƙarshe. Ta ɗauki farar takarda ta ja layi a tsakiya. A gefe ɗaya ta rubuta gado, a ɗaya gefen ta rubuta riƙo. Ta ce, "Maman yara, a zuciyarki abu ɗaya ne, an zalunce ki. A wajen alƙali abu biyu ne, kowanne da da'awarsa da hujjarsa. In muka cakuɗa su, Yaya zai riƙe yara ya yi ciniki da su a kan keke."

Wannan rabawar ita ce aiki mafi amfani da aka yi mata, a ganina. Matar da ta shiga kotu ita kaɗai takan fara daga ranar da aka kawo ta gidan miji, ta bi ta kan gorin da aka yi mata da wulaƙancin ranar suna, kafin ta iso ga abin da take nema alƙali ya riga ya ce ta taƙaita. A fiƙihu, da'awa sai ta kasance bayyananniya: me kike nema, a wajen wa, nawa ne, a ina yake. Barista ta mayar da kukan shekara goma layi biyar. Maganar riƙo aka fara shigarwa, domin yara sun shiga wata na huɗu ba sa gida, babban ma an cire shi daga makarantarsa.

Ta kuma yi mata bayanin haɗarin takardar da ba ta dangwala ba. Kotunan shari'a a Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a mashhurin mazhabar, uwar da ta sarayar da riƙo da son ranta, ba don ciwo ko wata larura ba, ba ta da ikon dawowa daga baya ta ce a mayar mata. Da yatsanta ya taɓa tawada a wannan rana, da sai an fara shari'ar tabbatar da cewa yaudararta aka yi ko tilasta mata aka yi, wannan kuwa dutse ne mai wuyar hawa.

Riƙo

A al'ada, da yawa daga cikinmu mun tashi da jin cewa ɗa na dangin uba ne. Hukuncin halana, wato riƙon yara, a Malikiyya ba haka ya ce ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta faɗa a fili cewa riƙo na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta yi aure, riƙo ya koma ga kakar wajen uwa, sannan ƙanwar uwa ko yarta. Baffa yana can nesa a layi. Don haka tambayar da ke gaban alƙali ba wa ya fi kuɗi ba ce. Tambayar ita ce ko akwai wani abu da ya kayar da haƙƙin uwar: taɓin hankali, rashin amana, ciwon da zai cutar da yara, rashin amintaccen muhalli, ko auren wani bare.

Lauyan wan mijin ya san wannan, shi ya sa ya bi ta ɓangaren amana da iyawa. Ya ce matar tana wuni a bakin kasko, yara suna gararamba, kuma ba ta da abin ciyar da su. Barista ta kawo shaidu biyu maza, limamin masallacin layinsu da malamin Islamiyyar yaran, suka shaida cewa a ƙofar gidanta take sana'a, yaran kuma ba sa fashin makaranta kafin a ɗauke su. Game da ciyarwa, ta ce talauci ba ya cikin abin da ke kayar da riƙo, kuma marayun nan suna da dukiyarsu, daga ita ake ciyar da su. Abin da ya hana su cin moriyarta shi ne keken da ke kawo kuɗin cefane yana ƙofar gidan mai ƙorafin.

A zama na uku alƙali ya tambayi wan mijin ko yana da sauran magana ko wata hujja. Wannan tambaya ita ce i'izari, kuma Barista ta riga ta ja kunnenmu mu saurare ta, domin hukuncin da aka yanke ba tare da ita ba ana iya rushe shi a ɗaukaka ƙara. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, 'ya'yan ƙanena ne, jinina ne." Alƙali ya ce ba wanda ya raba shi da su, yana da damar ganinsu da sa ido a kan tarbiyyarsu da karatunsu, amma kwana a wajen uwarsu za su yi. Aka ba shi kwana bakwai ya mayar da su. A rana ta shida da magariba ƙanwarsa ta kawo su, da kayansu a buhun shinkafa.

Wata bakwai a kan gado

Gadon ne ya ja. Kafin a raba komai sai an san su wa ke gado, sai an san me mamaci ya bari, sai an fitar da abin da ke kansa. Na farkon bai ɗauki minti goma ba: mata, uwa, ɗa namiji ɗaya, 'ya'ya mata biyu. Wan mamaci ba shi da ko ƙwandala, domin ɗa namiji yana shamakance 'yan'uwan mamaci gaba ɗaya. Shi kansa ya san da haka, shi ya sa bai ce yana da gado ba, ya ce kyauta aka yi masa. Abin da aka bayar kyauta ya fita daga tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari, ba a raba shi.

Nan ne wanda ba shi da lauya yake faɗawa rami. Matar ta zo da niyyar rantsewa da Alƙur'ani cewa mijinta bai bayar da keken ba. Barista ta ce kul. Ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa. An san keken na marigayi ne, takardunsa da sunansa, don haka wanda ya ce ya fita daga hannunsa shi zai kawo shaida. Kuma a Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. In mai kyauta ya rasu abin yana hannunsa, kyautar ta ɓaci, ta koma gado.

Wan mijin ya kawo wani abokinsa wanda ya ce ya ji marigayi da kunnensa yana cewa ya bar wa Yaya keken nan. Barista ba ta ƙaryata shi ba. Tambaya uku ta yi masa: bayan wannan magana a ina keken yake kwana, wa yake karɓar balas, wa ya biya kuɗin gyaran inji na ƙarshe? Mutumin mai tsoron Allah ne, ya ce a gidan marigayi yake kwana, sauran biyun bai sani ba. Sai aka kira yaron da ke jan keken, aka buɗe littafin aljihun nan mai maiƙo. A ciki marigayi ya riƙa rubuta balas kullum da hannunsa, kwanan wata da adadi, har zuwa kwana tara kafin a kwantar da shi a asibiti. Yaron ya ce shi bai taɓa kai wa kowa kuɗi ba sai maigidansa, sai bayan arba'in da aka ce ya riƙa kai wa Yaya. Littafin shi kaɗai ba zai wadatar ba, domin kotun shari'a ta fi dogara da shaidar baki, amma da ya haɗu da maganar yaron da amsar abokin, da'awar kyauta ta faɗi.

Ita ma tana da tata da'awar, kuma a nan ba ta samu duka ba. Ta ce lokacin ginin gidan ta sayar da sarƙarta da 'yan kunnenta na zinare naira 400,000 aka sayi kwano da katako, bisa alkawarin zai biya ta, ta kuma ba shi kwasar adashinta naira 300,000 aka yi filasta. Yanzu ita ce mai da'awa, hujja ta dawo kanta. A kan kuɗin rufi akwai kafintan da aka ƙirga kuɗin a gabansa, ya kuma ji marigayi yana cewa bashi ne. Shaida ɗaya ne, amma a sha'anin dukiya Malikiyya ta yarda da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa. An kuma rantsar da ita cewa ba a biya ta ba, ba ta kuma yafe ba, kamar yadda ake yi wa duk mai bin mamaci bashi, tunda shi ba ya nan balle ya kare kansa. Kuɗin adashi kuwa a ɗaki ta miƙa masa, daga ita sai shi. Uwar adashi za ta iya cewa ta ba ta kwasa, ba za ta iya cewa ta ga inda kuɗin ya tafi ba. Wannan ya faɗi. Ta yi kuka a barandar kotu, ni ma ban sami abin ce mata ba, domin na yarda da ita har zuciyata.

Masu ƙiyasi suka je suka sa wa gidan naira 9,600,000, keken naira 2,000,000. Banki akwai naira 900,000. Jimla naira 12,500,000. Dangi sun riga sun ɗauki nauyin likkafani da jana'iza, marigayi kuma bai bar wasiyya ba, don haka bashi kawai aka fitar: nata 400,000, da 100,000 na wani mai siminti da kowa ya amince da shi. Saura naira 12,000,000.

Matar mamaci mai 'ya'ya tana da tumuni, wato ɗaya bisa takwas: naira 1,500,000. Mahaifiyarsa tana da sudusi, ɗaya bisa shida: naira 2,000,000. Ragowar naira 8,500,000 na 'ya'ya ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Aka kasa huɗu, kowane kaso naira 2,125,000: yaron ya sami 4,250,000, kowace yarinya 2,125,000.

Lissafi a takarda ba shi da wuya. Wuyar ita ce yawancin dukiyar bulo ce da kwano, ba a yanka ta da wuƙa. Lauyan ɗaya ɓangaren ya nemi a sayar da gidan a bai wa kowa nasa a hannu, abin da kuwa yakan faru ke nan idan ba a sami mafita ba: a sayar, uwa ta koma haya da marayu, kuɗin ya narke cikin shekara biyu. Barista ta lura da abin da ke gaban kowa amma ba wanda ya faɗa. Rabon kakar yaran naira 2,000,000 ne, ƙimar keken ma naira 2,000,000 ce. Ta nemi a ɗaga zama, ta ce mu je mu gai da tsohuwa.

Mun same ta a kan tabarma tana jan carbi. Surukarta ta durƙusa ta ce, "Inna, ni ban kawo ki kotu ba, rabo na zo nema wa jikokinki." Tsohuwar ta ce ita ba ta taɓa cewa a sayar da ɗakin da ɗanta ya gina ba, ba a ma gaya mata ana maganar sayarwa ba. Ta karɓi keken a matsayin rabonta. Wanda zai riƙa karɓar mata balas babban ɗanta ne, kowa ya san haka, kuma wannan ne ya sa shi ma ya sauko. Gidan ya zauna wa uwa da 'ya'yanta, kowa da kasonsa a rubuce, tare da naira 800,000 da ta rage a banki bayan an ware na mai siminti. In aka haɗa tumuninta da bashinta da rabon yara, naira 10,400,000 ke nan, daidai da gidan da wannan kuɗi. Balas ɗin watannin da keken ya yi a hannun Yaya haƙƙin magada ne, Barista ta so a bi shi. Matar ta ce ita ta yafe nata kason, amma aka gaya mata ba ta da ikon yafe na marayu, don haka aka rubuta zai biya nasu kaɗan-kaɗan.

Sulhun nan ba a bar shi a zaure ba. An kai shi gaban alƙali, aka karanta, kowa ya amsa da bakinsa, aka shigar da shi a matsayin hukuncin kotu. Ina nanata wannan domin na ga sulhu da yawa da aka yi a gaban dattawa da fatiha, bayan shekara biyar dattawan sun rasu, magana ta dawo ɗanya.

Saura abu ɗaya da mata kan ɗauka ya zo tare da riƙo, alhali daban yake. Riƙon yaro ba shi ne riƙon dukiyarsa ba. A Malikiyya, mai iko da dukiyar ƙaramin yaro uba ne, sai wasiyyin da uban ya naɗa, in babu sai alƙali ko wanda alƙali ya wakilta. Uwa ba ta samun wannan kai tsaye, baffa ma haka. Barista ta roƙi kotu ta naɗa uwar, wan mijin ya nemi a naɗa shi. Alƙali ya naɗa uwar, da sharaɗin ba za ta sayar ko jinginar da kason yara a gidan ba sai da izinin kotu, kuma ta riƙa rubuta abin da ta kashe musu.

Abin da kyautar ta ci

Na riƙe lissafin abin da ya fita daga hannunta, domin muna amfani da shi wajen shirya waɗanda za su zo bayanta. Zama 11 aka yi tsakanin shari'o'in biyu, cikin wata takwas. Huɗu daga ciki ba a yi komai ba: sau ɗaya alƙali yana taro, sau biyu ɗaya ɓangaren bai zo ba, sau ɗaya ita ba ta je ba. Kowane zuwa yana cin kusan naira 2,500 na mota da ruwan sha, ita da mai rakiya, wato 25,000 a zuwa 10 da ta yi. Kowace ranar kotu kasko a kife yake, ribar kwana 10 ta tafi, kusan 20,000. Motar shaidu, da kuɗaɗen kotu masu rasit, da ɗaukar masu ƙiyasi zuwa gida, da kwafin hukunci biyu sun haura 60,000. Duka ya wuce naira 100,000, ga macen da ba ta taɓa riƙe 20,000 tata ta kanta ba tun rasuwar mijinta. Ƙanenta mai gyaran waya ya ɗauki rabi, ƙungiyarmu ta ba da kuɗin mota daga ɗan asusun da muke tarawa, sauran ta ci bashi.

A zama na bakwai ta kira ni da asuba ta ce ta haƙura, ba ta da kuɗin mota kuma autar tana zazzaɓi. Wannan ita ce gaɓar da na fi tsoro a kowace shari'ar talaka, domin mai ƙarar da ya daina zuwa ana iya korar ƙararsa, kuma wanda ke riƙe da kaya ya san jinkiri abokinsa ne. Barista ta je ita kaɗai ta ba da uzuri, aka sa wata rana. Da ba ta da mai tsaya mata, a nan maganar za ta mutu, da hujjarta da komai.

Kuɗin banki har yanzu ba su fito ba lokacin da nake wannan rubutu. Marigayi ya rubuta sunan wansa a fom ɗin buɗe asusu a matsayin makusancinsa, tun kafin ya yi aure, kuma Yaya ya daɗe yana ganin wannan ya ba shi iko da kuɗin. Bai ba shi ba: wannan suna na wanda za a tuntuɓa ne, ba ya mayar da mutum magaji. Amma ita ma ba za a miƙa mata don ta nuna takardar rabo kawai ba. An nemi takardar shaidar rasuwa da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda sashen gado na babbar kotun jiha ke bayarwa, kuma kuɗinta yana bin yawan dukiyar. Barista ta cike takardun, muna jira.

Kwana 30 na ɗaukaka ƙara sun wuce ba wanda ya ɗaukaka. Makon jiya ta zo da wani sabon littafi mai bango ja, ta nuna mini inda babban ɗanta yake rubuta mata kuɗin makaranta da na magani, kowane yaro da shafinsa. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wani ya aiko yana neman aurenta, me zai faru da yaran? Na ce in ba muharramin yaran ba ne, riƙo zai tashi daga kanta ya koma ga mahaifiyarta, in tana da lafiya da wurin ajiye su, kuma gara a je kotu a rubuta haka kafin a ɗaura. Ta ce mahaifiyarta tana Bichi, da ƙarfinta. Na ba ta ranar Laraba ta zo su zauna da Barista.